Neman izinin kwana uku: Laraba 14 zuwa Juma'a 16 ga Mayu

Ranki ya daɗe,

Barka da aiki, da fatan kina lafiya. Ina neman izinin kwana uku, daga Laraba 14 zuwa Juma'a 16 ga Mayu. Zan dawo bakin aiki ranar Litinin 19 da safe, in Allah ya yarda.

Za a yi wa mahaifiyata aikin cire yanar ido ne ranar Laraba. Ba za a kwantar da ita ba, amma likita ya ce dole a sami wanda zai kai ta ya dawo da ita, washegari a mayar da ita a duba idon, sannan a riƙa ɗiga mata magani a kan lokaci. Ƙannena duk suna makaranta, yayata kuma sai Asabar za ta iso. Na tambayi asibitin ko za a ɗage aikin har in kammala horo, suka ce wanda ya bar ranarsa sai ya sake bin layi.

Na san wata uku kacal ne horon nan, don haka ban ɗauki kwana uku da wasa ba. Sauƙin abin dai, ranakun sun faɗo a tsakiyar wata, ba lokacin rufe lissafi ba.

Aikin daidaita lissafin Afrilu da takardar banki da kika ba ni ya kusa kammaluwa. Saura wurare huɗu da alƙaluman ba su zo ɗaya ba. Biyu takardun cak ne da muka bayar amma ba a kai su banki ba tukuna, ɗaya cajin banki ne da ba a shigar a littafinmu ba. Na huɗun ne ya ɗan ba ni wahala: ina zaton an shigar da rasit ɗaya sau biyu, kuma ina so ki duba kafin in taɓa shi. Zan miƙa miki fayil ɗin Excel ranar Talata kafin a tashi. Rasitan da za su shigo a bayana kuwa, na yi magana da Malam Sani, ya ce zai karɓa ya ajiye mini in kin amince.

Abin da ya fi damuna shi ne zan rasa zaman ranar Alhamis da za ki nuna mana yadda ake haɗa albashi. Ko zan sami rabin awa a wurinki a mako na gaba? Ranakun kuma a shirye nake in rama su, ko ta ƙara kwana uku a ƙarshen horon, ko ta yadda kika ga ya fi dacewa.

Wayata za ta kasance a kunne, sai dai safiyar Laraba da muke asibiti. In akwai fom ɗin da zan cike ko ana buƙatar takardar asibitin, zan kawo gobe.

Na gode ƙwarai.

Ɗalibarki,
Zainab