Gawo Ya Fara Zubar da Ganye

Daren jiya ba wanda ya iya kwana a ɗaki saboda gumi. Da hantsi Kaka ta shimfiɗa tabarma a gindin gawon ƙofar gida tana ɓare gyaɗar iri, Habu na zaune gefenta.

"Kaka, bishiyar nan ciwo take yi? Duba ganyenta duk ya zube cikin tirenki."

Ta tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya. "Lafiyarta ƙalau, maigidana. Gawo ai shi da ruwan sama ba sa ga maciji. Sauran itatuwa na toho, shi yana tuɓewa. In ka ga haka, damina ta kusa."

Habu ya yi shiru. Can ya miƙe da sauri yana nuna saman tsamiyar masallaci. Wasu baƙaƙen tsuntsaye ne masu farin ciki, ɗaya da kara a baki.

"Shamuwa!" Kaka ta ajiye tiren. Ta daɗe tana kallonsu, hannunta a goshi. "Sannunku da hanya. Marigayi kakanka in ya gan su, ranar yake kai fartanyarsa maƙera."

Iskar da ta taso da la'asar daga kudu ta zo, da ɗan sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gabas ta yi baƙi ƙirin.

"Yau za a yi?"

"Sai yadda Allah ya so. Maza kira babanka, indararon ɗakina ya toshe tun bara. Ka kwaso shanyar kuɓewar nan tukuna."

Habu ya ruga, ya bar takalminsa ɗaya a gindin gawo.