Darasin mako na shida: jerin haruffa a harshen C da sifirin da ke rufe shi

Na rubuta wannan bayani ne bayan na gama duba aikin rajistar sunayen ɗalibai da kuka miƙo, domin na lura cewa kurakuran da suka fi yawa a cikinsa tushensu ɗaya ne, wato rashin fahimtar yadda harshen C yake ajiye kalma a ma'adanar kwamfuta. Ina roƙon kowa ya karanta shi a gaban kwamfutarsa, ya gwada misalan da hannunsa kafin haɗuwarmu ta gaba.

Harshen C ba shi da wani nau'i na musamman da aka keɓe wa kalma ko jimla. Abin da yake da shi shi ne jeri na gurabe masu maƙwabtaka da juna, kowane gurbi bayit ɗaya ne na nau'in `char`, sannan a ƙarshen haruffan a sanya bayit mai darajar sifiri, wanda ake rubutawa `'\0'`, domin ya zama alamar cewa magana ta ƙare. Idan muka rubuta wannan:

```c
char gari[] = "Kano";
```

kwamfaila za ta ware gurabe biyar, ba huɗu ba, ta zuba darajar kowane harafi, wato 75, 97, 110, 111, sannan 0. Saboda haka `strlen(gari)` zai ba da 4, amma `sizeof gari` zai ba da 5, kuma a tsakanin waɗannan lambobi biyu ne mafi yawanku kuka yi tuntuɓe. A kula kuma cewa `'\0'` daban yake da `'0'`, domin na biyun alƙalamin sifiri ne da ake gani a allo, kuma darajarsa 48 ce.

Babu inda ake rubuta tsawon jerin. Duk sanda aka kira `strlen`, sai ya fara daga gurbin farko ya riƙa ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya har ya ci karo da sifiri, kuma idan sifirin ba ya inda ya kamata, zai ci gaba da tafiya cikin ma'adanar da ba tasa ba. Dennis Ritchie, wanda ya tsara harshen a Bell Labs a farkon shekarun 1970, ya zaɓi wannan hanya alhali akwai wata, wadda harshen BCPL ya bi, ta rubuta tsawon kalma a gurbin farko. Waccan hanyar tana sanya iyaka ga tsawo, domin bayit ɗaya ba ya ƙirga fiye da 255. Hanyar C ba ta da wannan iyaka, sai dai ta ɗora wa mai rubuta furogiram nauyin tabbatar da abu biyu a kowane lokaci: cewa wurin ya isa, kuma cewa sifirin yana nan.

Mu fara da kwafi. Da yawanku kun rubuta `suna2 = suna1;` kuna zaton kun kwafi suna. Idan `suna2` jeri ne, kwamfaila za ta ƙi karɓa, kuma wannan alheri ne gare ku. Idan kuwa manuni ne, wato `char *`, za ta karɓa, amma adireshi kawai aka kwafa, sunan yana nan guda ɗaya a wurinsa, manunai biyu suna kallonsa. Wannan ne ya sa a aikin wasunku, bayan an shigar da ɗalibai goma, dukkansu suka fito da sunan na ƙarshe, domin dukkan manunan suna nuni ga jeri ɗaya da ake sake cikawa a kowane zagaye.

Kuskure na biyu ya fi wannan haɗari, domin yana iya daɗewa bai bayyana ba.

```c
char suna[8];
strcpy(suna, shigarwa);
```

`strcpy` ba ya sanin girman wurin da yake zubawa, aikinsa kawai ya kwafa har ya kwafi sifiri. Wanda ya gwada da Musa bai ga komai ba, domin gurabe biyar suka ishe shi. Wanda ya gwada da Khadija ma ya tsira, haruffa bakwai da sifiri sun cika takwas cif. Amma Abubakar haruffa takwas ne, yana buƙatar gurabe tara, saboda haka sifirinsa ya faɗa gurbin da ke bayan jerin, Abdurrahman kuwa ya ƙetare iyaka da bayit huɗu. Abin da ke zaune a waɗannan gurabe yana iya zama makin ɗalibin, ko wata lamba da furogiram ke dogaro da ita, ko adireshin da zai koma bayan ya gama aiki. Ƙa'idar harshen ba ta yi alkawarin komai game da abin da zai biyo baya ba, don haka furogiram na iya mutuwa nan take, yana iya ba da amsar da ba daidai ba, yana kuma iya tafiya lafiya a kwamfutarka ya lalace a tawa. Kada wanda ya zo mini da hujjar cewa ya gwada ya yi aiki, domin gwaji ɗaya ba ya wanke irin wannan laifi.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a tarihin kwamfuta. Tsutsar Morris, wata manhaja mai yaɗa kanta da ta bazu a intanet a watan Nuwamba na 1988, ta shiga kwamfutoci ta hanyoyi da dama, ɗaya daga ciki ita ce cika jerin da manhajar `fingerd` ke karanta saƙo a cikinsa da `gets` har ya yi ambaliya. Shi `gets` babu ma hanyar gaya masa girman wuri, shi ya sa aka cire shi gaba ɗaya daga ƙa'idar C ta 2011. Na gan shi a ayyuka uku, kuma daga yau ba zan karɓi aikin da ke ɗauke da shi ba.

Irin wannan ƙarancin gurbi ɗaya yana faruwa wajen neman ma'adana. Wanda ya rubuta `malloc(strlen(s))` ya manta da wurin sifiri, abin da ya dace shi ne `malloc(strlen(s) + 1)`.

Wasu sun ji labarin haɗarin `strcpy` sai suka koma ga `strncpy`, suna ɗaukarsa magani, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya. Ba don tsaro aka ƙirƙiri `strncpy` ba, an yi shi ne don cika filaye masu tsayayyen faɗi, irin sunayen fayil na tsohon Unix da ba sa wuce bayit 14. Idan abin da ake kwafa ya gaza iyakar da aka ba shi, yana cike ragowar da sifirai. Idan kuwa ya kai iyakar ko ya wuce ta, yana tsayawa ba tare da ya sanya sifiri ko ɗaya ba. To, `strncpy(suna, "Abubakar", 8)` bai ƙetare iyaka ba, amma ya bar jeri marar ƙarshe, kuma `printf` na gaba zai buga Abubakar haɗe da duk tarkacen da ya tarar a bayansa. An ɗage matsalar ne daga layin kwafi zuwa wani layi da ke nesa, inda gano ta ya fi wuya. A wannan darasi ina so ku yi amfani da wannan:

```c
int n = snprintf(suna, sizeof suna, "%s", shigarwa);
if (n < 0 || (size_t)n >= sizeof suna)
    puts("Sunan ya yi tsawo");
```

`snprintf` yana rufe jerin da sifiri muddin girman da aka ba shi ya fi sifiri, kuma yana dawo da tsawon da ya so rubutawa, ta yadda za ka san ko an datse sunan. Akwai kuma `strlcpy`, wanda ya fito daga OpenBSD a 1998 ya shiga glibc a 2023, amma ba kowace kwamfuta a ɗakinmu ke da shi ba. Sai dai a yi hattara da `sizeof`: girman jeri yake bayarwa a inda aka ayyana jerin kawai. Da zarar an miƙa jerin ga wani aiki, ya koma manuni, kuma `sizeof` zai ba da girman manunin, wanda yawanci 8 ne a kwamfutocin yau, komai girman jerin. Dole a miƙa girman tare da jerin.

A taƙaice zan ambaci wasu biyu. `char *p = "Kano";` nuni ne ga rubutun da bai halatta a sauya ba, don haka kada a kwafa komai a kansa. Haka nan idan tushe da mazubi sun shiga cikin juna, `strcpy` bai dace ba, `memmove` ake kira.

Yanzu kwatantawa. Layin `if (amsa == "eh")` yana kwatanta adireshi biyu ne, ba haruffa ba, kuma tunda abin da mutum ya shigar yana zaune a wani wuri daban da rubutun da ke cikin furogiram, sharaɗin ba zai cika ba ko da an rubuta eh daidai. Abin da ke kwatanta haruffa shi ne `strcmp`, amma shi ma yana da nasa tarkon: sifiri yake dawowa da shi idan jerin biyu sun yi daidai, lamba ƙasa da sifiri idan na farko ya riga, lamba sama da sifiri idan na biyu ya riga. Tunda C yana ɗaukar sifiri a matsayin ƙarya, `if (strcmp(a, b))` yana cika ne idan sun bambanta, akasin abin da ido ke karantawa. A rubuta `strcmp(a, b) == 0` a fili, kuma kada a gwada shi da 1 ko -1, domin ƙa'ida ba ta fayyace ainihin lambar ba.

Wasu sun yi duk wannan daidai amma bincikensu bai taɓa samo kowa ba, kuma dalilin shi ne `fgets` yana ajiye alamar sabon layi a ƙarshen abin da ya karanta, sai ya zama ana kwatanta `"Musa\n"` da `"Musa"`. Layi ɗaya ke gyara shi:

```c
amsa[strcspn(amsa, "\n")] = '\0';
```

Ɗaya daga cikinku ya kauce wa wannan da `strncmp(a, "Bala", 4)`, wanda ya yi aiki har zuwa lokacin da aka shigar da Balarabe, sai furogiram ya ce shi ne Bala, domin haruffa huɗun farko kaɗai aka ce ya duba.

Abu na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye a matsayin masu rubutu da Hausa. A tsarin UTF-8, haruffan ƙ, ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci, saboda haka `strlen("ƙasa")` zai ba da 5, kuma jerin yana buƙatar gurabe shida. Wanda ya auna fili da yawan haruffa zai gaza a kan sunaye irin su Ɗanjuma, datsewa kuma tana iya raba harafi ɗaya gida biyu ta bar rabin da allo ba zai iya nunawa ba. Haka nan `strcmp` darajar bayit yake bi, bai san tsarin baƙaƙen Hausa ba, don haka zai sanya Ɗanjuma bayan Zainab, zai kuma sanya duk manyan baƙaƙen ASCII gaban ƙanana. Wajen gano ko sunaye biyu ɗaya ne wannan ba ya cutarwa, amma wajen jera rajista bisa baƙaƙe sai mun rubuta namu ma'aunin, wanda za mu yi a mako na takwas.

Kowa ya gyara aikinsa ya sake miƙo shi ranar Alhamis, bayan ya harhaɗa shi da wannan umarni:

```
gcc -Wall -Wextra -g -fsanitize=address rajista.c -o rajista
```

Zan gwada kowane aiki da sunaye huɗu, Khadija, Abubakar, Abdurrahman da Ɗanjuma, sannan da layin da ba a rubuta komai a kansa ba.