Wandon Sani

A kasuwar Garwa Baba ya yanki yadin, ya ce wa tela, "Malam, ƙara masa tsawo, yaro ne mai tasowa."

Ranar Litinin Sani ya saka. Rigar ta sauko har gwiwa, hannuwansa sun ɓace a ciki. Inna ta naɗe ƙafar wandon sau uku, ta ɗaure ƙugun da igiya.

"Inna, za su yi mini dariya."

"Jaka bakwai babanka ya biya, Sani. Buhun masara ya sayar."

A makaranta kuwa aka yi dariyar, har wani ya kira shi buhun gawayi. Bai tanka ba.

Shekara biyu bayan nan, Inna ta zauna da reza tana warware naɗin ƙarshe. Baba bai ga ranar ba, ya rasu da damina. Sani ya tsaya shiru, wandon ya zauna masa daidai.