Har zuwa wane matsayi za a ce fifikon makami ne ya bai wa Turawan Ingila nasara a kan Daular Sakkwato, 1897 zuwa 1903?

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya tsaya a bayan ganuwar Kano da sojoji wajen 800, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. Kafin rana ta faɗi birnin ya shiga hannunsa. Bayan mako shida, ranar 15 ga Maris, aka yi karon Giginya a wajen Sakkwato, shi ma bai kai azahar ba. Daular da ta yi kusan shekara ɗari, wadda masarautunta suka shimfiɗu tun daga Ilori har Adamawa, 'yan ɗaruruwan sojoji suka kifar da ita. Matsayina a wannan amsa shi ne: fifikon makami, haɗe da horon da ke sa makamin ya yi aiki, shi ne babban dalili, kuma shi ya yanke wanda zai ci. Rarrabuwar kai da rikicin cikin gida gaskiya ne, amma aikinsu shi ne sun sa cin ya zo da wuri kuma da araha. Ba su suka haifar da shi ba.

A fara da abin da kowane ɓangare ya riƙo a hannu. Ƙarfin rundunar sarakuna yana kan doki: barade da 'yan lifidi da 'yan sulke, masu takobi da mashi, sai dakaru da 'yan baka a ƙasa. Akwai 'yan bindiga, musamman a Nufe da Kano, amma galibi bindigar toka ce da ake ɗura wa albarushi ta baki, a harba sau ɗaya a koma ɗuri. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, kuma bakin teku da kogin Kwara, hanyoyin da makami zai biyo, suna hannun Turawan. Su kuwa suna da bindigar Maxim, wadda Hausawa suka raɗa wa bindiga mai ruwa, mai aman harsashi kimanin 500 a minti guda. Dabarar barade ita ce su yi sukuwa su faɗa cikin abokan gaba su tarwatsa sahunsu. To, sai an isa ga mutum ake saransa. Sojan Lugga, shugaban Turawan Ingila a Arewa, sukan tsaya sahu mai kusurwa huɗu, kowace fuska tana kallon waje, kuma filin da doki zai keta kafin ya kai gare su nan ne maƙabartarsa.

Kwatarkwashi ce ta fi nuna wannan ƙarara. A ƙarshen Fabrairu 1903 rundunar Kano da ke dawowa daga Sakkwato, ƙarƙashin Waziri Ahmadu, ta ci karo da wani ɗan ayari na Laftana Wright wanda mutanensa ba su kai 50 ba. A nan babu wanda zai ce Kanawa sun yi ƙaranci, ko sun yi raki. Sun kai hari, aka mai da su, suka sake jan daga suka dawo, haka har kusan awa biyu. Wasu dawakan a gab da sahun suka faɗi. Waziri ya rasu a wurin, sahun kuma bai ɓalle ba. Idan jarumta da yawa suna gefe guda, ƙaranci yana ɗaya gefen, kuma ƙarancin ya yi rinjaye, ba a buƙatar dogon bincike kafin a gane inda bambancin yake.

Ganuwa ma haka. Badalar Kano ta sha gagarar mahara, domin an gina ta ne don ta tare doki da kibiya. Igwa ba ta iya huda kaurin ƙasar ba, amma ta fasa ƙyauren ƙofa, kuma ƙofa ɗaya ta isa. Rahoton Turawan ya ce babu sojansu ko ɗaya da ya mutu a wannan rana, alhali Kanawa sun rasa ɗaruruwa, ciki har da Sarkin Shanu da ya tsaya kare gidan sarki.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan wannan matsayi ita ce ta rashin haɗin kai, kuma ba hujjar da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ce. Daular ba ta da runduna guda ta din-din-din. Kowane sarki da mayaƙansa, ana tara su da rani, su koma gona da damina. Saboda haka Turawa suka riƙa cin ta ɗaiɗai: Bida da Ilori a 1897 a hannun Kamfanin Neja, Kwantagora da Bida kuma a farkon 1901, Yola a Satumbar 1901, Bauci a 1902. Babu inda wata masarauta ta aiko da gudummawar da ta sauya komai. A Zazzau ma Sarki Kwasau ne ya nemi taimakon Turawa saboda ɓarnar da Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora yake yi masa, suka shigo, ƙarshe suka tuɓe shi. Sai da bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga.

Kano ta fi kowa rauni ta wannan fuska. Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukur da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa da Yusufawa, ɓangaren da ya yi nasara ya ɗora Alu, ya bar gidan sarauta a rabe, kuma ya ɓata tsakanin Kano da Sakkwato. Abdurrahman ya rasu a Oktoba 1902, aka naɗa Attahiru na Ɗaya. Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa, saboda haka ranar da Morland ya iso, birnin ba sarki, ba zaratan baradensa. Da labari ya iske su a hanya, Alu ya sulale ya yi arewa, Wambai Abbas ya ja nasa jama'ar ya koma Kano ya karɓi sarauta, Waziri Ahmadu kaɗai ya zaɓi faɗa. Runduna ɗaya, hanya uku. A waje kuma akwai tsofaffin abokan gaba: Kabawan Argungu ƙarƙashin Sama'ila sun karɓi Turawa hannu bibbiyu, kuma daga can aka shirya tunkarar Sakkwato. Faransawa sun riga sun kama Damagaram a 1899, Jamusawa suna matsa wa Adamawa ta gabas. A cikin Sakkwato kanta shawara ba ta zo ɗaya ba, wasu na ganin a yi yaƙi, wasu a yi hijira, wasu a yi sulhu don a tsare addini da jama'a, matsayin da Waziri Buhari ya ɗauka bayan Giginya.

Duk wannan na yarda da shi. Tambayar da ta rage ita ce: da kai ya haɗu, da sakamakon ya sauya? Tarihi ba ya maimaita kansa don a gwada, amma akwai misalai biyu na wannan zamanin da ke ba da haske. A Omdurman, a Satumbar 1898, Halifa Abdullahi na Mahadiyya ya fito da runduna guda mai mutum wajen 50,000, ƙarƙashin shugaba ɗaya, da niyyar shahada. Duk abin da ake cewa Sakkwato ta rasa, shi yana da shi. A safiya ɗaya aka kashe masa mutum fiye da 10,000, waɗanda suka mutu a ɓangaren Kitchener kuwa ba su kai 50 ba. A Adwa kuma, a Maris 1896, Menelik na Habasha ya karya Italiya. Shi ma ya haɗa kan manyan ƙasarsa, amma abin da ya bambanta shi da Halifa shi ne ya shafe shekaru yana tara bindigogin zamani da igwa daga Turai. Haɗin kai babu makami ya ƙare a Omdurman. Da a ce Kano da Katsina da Zazzau da Bauci sun taru a fili ɗaya da takobi da mashi, abin da ya fi yiwuwa shi ne a sami gawa mai yawa a rana ɗaya. Iyaka dai Lugga, wanda sojansa ba su da yawa kuma gwamnatinsa a Landan ba ta son kashe kuɗi, da ya sha wuya ya kuma daɗe.

Akwai gyara guda da ya kamata a yi wa matsayina, kuma na karɓe shi: ƙarfe kaɗai ba ya yaƙi. Mafi yawan sojan da suka ci Kano ba Turawa ba ne. Hausawa ne da Yarabawa da wasu, waɗanda aka ɗauka aikin soja a rundunar da aka kafa a 1897, ana biyansu albashi, ana ba su horo kullum. Turawan 'yan ƙalilan ne, hafsoshi. (Abin da ɗaci a faɗa, amma yaren da sojan ke magana da shi a cikin sahun shi ne yaren waɗanda ake harbi.) Mutumin da zai ga doki ɗari sun taso masa ya tsaya cik yana jiran a ce ya harba, horo ne ya tsayar da shi. Don haka idan na ce fifikon makami, ina nufin bindiga da tsarin da ke bayanta: horo, albashi, 'yan dako masu ɗaukar harsashi, da jiragen ruwa a Kwara da Binuwai.

Za a iya cewa ai an taɓa cin Turawan, to ina fifikon? A Mayu 1903 mutanen Burmi, garin da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru ta ƙare bayan Giginya, sun kori rundunar da ta fara kai musu hari. A Fabrairu 1906 talakawan Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, da gatari da fartanya da kibiya, sun kashe Turawa 3 da sojoji sama da 20. Sai dai a duba yadda abin ya faru. A Satiru an auka wa sojan ne kafin su gama tsayar da sahu, bindiga mai ruwan kuma ba ta kai ga yin aiki ba. Wato an ci su ne a ranar da fifikon nasu bai samu tsayuwa ba, wannan kuwa ƙarfafa hujjar yake yi. Da suka koma Burmi da shiri, ranar 27 ga Yuli 1903, garin ya faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da mutum sama da 600, ko da yake Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma kibiya ta kashe shi. Ɗansa Mai Wurno ya wuce gabas da sauran jama'a har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. Satiru kuwa wata guda bai cika ba aka dawo aka shafe ta. A Afrilun 1906 Haɗejiya, wadda babu basasar da ta raba ta kuma sarkinta Muhammadu yana cikin gari tare da mayaƙansa, ta tsaya ta yi faɗa har cikin gidan sarki. Ita ma wuni ɗaya ta yi.