Ƙarar Neman Ciyarwa a Gaban Kotun Shari'ar Musulunci, Kano

Zuwa ga Mai Girma Alƙali,

Allah ya gafarta Malam, ni Hauwa'u Sani, mazauniyar unguwar Kurna, ina ƙarar mijina Malam Isa Garba, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, wanda muka shekara 9 da aure, muka haifi 'ya'ya uku.

Yau wata 7 ke nan da ya sa ƙafa ya bar gidan, bai sake ni ba, kuma bai aiko mana da ko mudun masara ba. Na sayar da keken ɗinkina na biya kuɗin haya, babbar 'yarmu kuwa tana zaune a gida saboda kuɗin makaranta. Waliyyina da mai unguwa sun neme shi har sau uku domin sulhu, ya ƙi zuwa.

Tunda igiyar aurensa tana kaina, ci da sha da tufafi da muhalli wajibi ne a kansa a shari'a. Saboda haka ina roƙon kotu ta kira shi, ta yanka mana kuɗin ciyarwa na kowane wata gwargwadon ƙarfinsa, ta kuma umarce shi ya biya na watannin da suka wuce. Waliyyina da mai unguwa a shirye suke su ba da shaida.

Mai ƙara,
Hauwa'u Sani