Sanarwa ga kwastomominmu: hattara da ejan-ejan na ƙarya

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa na Aboabo, Asawase, Sawaba da sauran zangunan Kumasi. Saƙo ne daga ofishinmu na inshora, don Allah a karanta har ƙarshe.

Kwanan nan wasu 'yan damfara suna kiran mutanenmu, musamman direbobin da motarsu ta yi hatsari, su ce wai su ma'aikatanmu ne, kuɗin diyya ya fito amma sai an tura sidi 300 ta Momo kafin a sake shi. Wani ma zai faɗa maka lambar motarka daidai har da inda hatsarin ya faru, to kar wannan ya ruɗe ka, lambar mota ai kowa na gani a titi. Mu ba ma karɓar ko kwabo kafin mu biya diyya. Abin da muke nema takardu ne, rahoton 'yan sanda, lasisin direba, hotunan motar da lissafin gyara daga bakanike, kuma a ofis ake kawowa.

Babbar dabararsu ita ce su ce ga kuɗinka nan tafe, saƙo zai fito a wayarka ka danna lambar sirri ka amince. Jama'a, kuɗin da zai shigo maka baya buƙatar lambar sirri! Duk sanda irin wannan saƙo ya tambaye ka ita, kuɗi ne zai fita. Kar ka faɗa wa kowa, haka ma lambobin nan da ake turowa ta tes, ko hoton katin Gana, ko da mai kiran ya rantse da Allah. Abin yana mana ciwo sosai, mutum na fama da gyaran mota azo a ƙara kwashe masa ɗan abin da ya rage.

In saƙo ya zo maka da sunanmu kar ka danna wani link, ka kashe kiran, ka ɗauko takardar inshorarka ka kira lambar da ke jikinta da kanka, ba wadda aka turo maka ba. Sunan kamfani a saman tes ba hujja ba ne, ana iya kwaikwayonsa. Wanda ya zo gida ko tasha yana cewa ejan ne, ya nuna katin aiki, ka kira mu mu tabbatar maka, don kowane ejan na gaskiya hukumar inshora ta ƙasa, NIC, ce ke bashi lasisi.

Don duba inshorar mota danna wannan ka sa lambar motar:

```
*920*57#
```

Wanda ya riga ya tura kuɗi kar ya ji kunya ya yi shiru, ya kira kamfanin layinsa nan take, ya kira 292 na hukumar tsaron intanet, kar kuma ya goge saƙonnin. Ya zo da wayar ofis, Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 8 zuwa 5, mu raka shi wajen 'yan sanda. A karanta wa dattawanmu da basa iya karanta tes.

Mun gode, Allah ya tsare.