Jagorar Neman Waƙoƙin Ikilisiyarmu: Bayani da Shafukan Farko

Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayenmu mata na zumunta, da 'yan'uwa mawaƙa, salama a gare ku cikin sunan Ubangiji.

Ga jerin waƙoƙin da kuka ɗora wa kwamitinmu tattarawa. Waƙoƙi 214 ne, waɗanda aka tsara ko aka saba rerawa a nan ikilisiyarmu ta Kafanchan: na mawaƙa, na Zumuntar Mata, na 'yan Sabon Rai, da na makarantar Lahadi. Waƙoƙin littafin sujada da aka buga ba sa ciki, domin suna da nasu jerin.

Kun san abin da ya jawo aikin. A jana'izar tsohuwar uwar zumunta, 'ya'yanta suka roƙi a rera waƙar da take ƙauna. Babbar ta ce sunanta "Gida", autan ya ce "Waƙar Mama", mai buga tulu kuma ta ce ita da "Babu hawaye" ta san ta. Muka yi ta bincike cikin tsofaffin littattafan rubutu guda tara, ga akwati a gaban bagade, ga jama'a na jira. Sai da wata dattijuwa ta ɗaga murya daga baya da layin farko, nan take duk majami'a ta amsa. Ashe waƙa ɗaya ce mai suna uku.

Wannan ya koya mana cewa suna ba abin dogara ba ne, kowa da wanda yake kira. Layin farko shi ne a bakin kowa. Saboda haka jerin layin farko muka sa a gaba, sauran ukun suna bin bayansa.

Yadda za a nemi waƙa

Kowace waƙa tana da lamba ɗaya, kuma lambar ba ta canzawa. Ko an daina rera waƙa, ba za a ba wata lambarta ba. Ita ce a rubuce a saman shafi cikin babban fayil mai shuɗin bango, inda cikakkun baitoci suke.

In layin farko kake tunawa, duba Kashi na 1. An bi abacada ta Hausa: Ɓ tana bayan B, Ɗ bayan D, Ƙ bayan K, Sh bayan S, Ts bayan T. Wanda ya nemi "Ƙauna" a ƙarƙashin K zai dawo hannu wofi. Waƙoƙi 31 sun fara da "Ya", irin su "Ya Uba" da "Ya Ruhu", don haka an jera su bisa kalma ta biyu. Inda amshi ya fi layin farko shahara, kuma a waƙoƙin zumunta haka abin yake sau da yawa, an shigar da amshin shi ma, da alamar tauraro a gefensa.

In suna ka sani, Kashi na 2. Duk sunayen da muka ji ana kiran waƙa da su suna nan, kowane yana mai da kai ga lamba ɗaya.

Kashi na 3 na jigo ne, kuma Baba Fasto ne ya nemi a yi shi domin a riƙa daidaita waƙa da wa'azi: yabo, tuba, gafara, bangaskiya, ta'aziyya, bishara, zaman lafiya, dawowar Almasihu, da sauransu. Kashi na 4 na lokaci ne: Kirsimati, Jumma'a Mai Kyau, Ista, Fentikos, Jibin Ubangiji, baftisma, aure, miƙa jariri, baiko, godiyar kaka, jana'iza, shiga sabuwar shekara, da sauransu.

A nan muka fi yin gardama. Jigo shi ne abin da waƙa take faɗa, lokaci kuwa shi ne ranar da ake rera ta, kuma ba kullum suke tafiya tare ba. Waƙar tashin matattu ta dace da safiyar Ista, ta kuma dace da bakin kabari. Sai muka yanke cewa jigon waƙa kada ya wuce biyu, amma lokaci ko nawa ne a rubuta. Wani ɗan'uwa ya so a sa kusan kome a ƙarƙashin "yabo". Gaskiya ne duk yabo ne, amma kan da ya haɗiye waƙa 90 ba ya taimakon mai nema.

Shafukan farko na babban jeri

Lamba 7. Suna: Garke a Dare. Layin farko: "Sanyi ya sauko, makiyaya na gadi a saura." Jigo: haihuwar Almasihu, Luka 2:8-14. Lokaci: Kirsimati. Ta makarantar Lahadi ce, yara ke ja, manya su amsa.

Lamba 23. Suna: Gurasar da Aka Gutsuttsura. Layin farko: "A daren nan da aka bashe shi, ya ɗauki gurasa." Jigo: tuba, 1 Korantiyawa 11:23-26. Lokaci: Jibin Ubangiji, Jumma'a Mai Kyau. Ba a sa mata ganga. A ja ta a hankali har dattawa su gama zagawa da ƙoƙo.

Lamba 41. Suna: Ga Ruwa. Layin farko: "Karusa ta tsaya a hanyar Gaza." Jigo: bangaskiya, Ayyukan Manzanni 8:26-39. Lokaci: baftisma. Baiti shida ne, kuma ana maimaita ta a bakin rafi in masu shiga ruwa suna da yawa.

Lamba 58. Suna: Damin Farko, wasu na cewa Waƙar Rumbu. Layin farko: "Na shuka da kuka, ga ni ɗauke da dami." Jigo: godiya, Zabura 126:5-6. Lokaci: godiyar kaka, baiko. Zumuntar Mata ke fita da ita da tulu da kacau-kacau, lokacin da ake shigo da dawa, citta da doya gaban bagade. Akwai baiti biyu da harshen Jju, suna shafi na gaba.

Lamba 66. Suna: Inda Za Ki. Layin farko: "Kada ki matsa mini in koma, uwata." Jigo: aminci, Rut 1:16-17. Lokaci: aure, makon zumunta. A lura, Rut da surukarta Na'omi take magana, ba da miji ba. Mun bar ta a aure domin iyaye mata sun saba rera ta wajen raka amarya.

Lamba 102. Suna: Gida, ko Waƙar Mama. Layin farko: "An shirya mini ɗaki inda rana ba ta faɗuwa." Amshi: "Babu hawaye can." Jigo: ta'aziyya, Wahayi 21:4. Lokaci: jana'iza, Ista. Ita ce wadda muka nema ran nan. Gara ta cinye rabin baiti na uku a tsohon littafin, mata biyu na zumunta suka cike mana shi da ka, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Lamba 137. Suna: Ina Taran. Layin farko: "Goma suka warke, ɗaya ya juyo." Jigo: godiya, Luka 17:11-19. Lokaci: godiyar iyali, shiga sabuwar shekara.

Waƙoƙi 12 suna ƙarshen fayil ba tare da cikakkun baitoci ba, amshi kawai muka samu. Muna roƙon iyayenmu da suka san su su tsaya bayan sujada mu ɗauki muryarsu da waya, domin takarda tana riƙe kalmomi amma ba ta riƙe karin waƙa.

Kwafi uku ne: ɗaya a ofishin Baba Fasto, ɗaya wajen uwar zumunta, ɗaya a akwatin mawaƙa. Kada a cire shafi a tafi da shi gida. Duk ƙungiyar da ta koyi sabuwar waƙa ta kawo wa magatakarda baitocinta kafin ranar rerawa, da suna, jigo, lokaci da ayar da aka ɗauko ta. Lambar da ke jira ita ce 215.

Magatakardan mawaƙa, a madadin kwamitin waƙoƙi